Yadda na sake fasalin tsohon fayil ɗin PowerPoint domin masu sauraro na daban

A shekarar 2019 na shirya wani fayil na PowerPoint mai shafi 46, da Turanci, a kan adana wake a cikin buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye hatsi ba tare da zuba magani ba. Na shirya shi ne domin taron bita na malaman gona da jami'an ma'aikata, inda aka ba ni awa ɗaya da rabi, kuma ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Ana gab da kakar 2024 sai shugabar wata ƙungiyar mata masu saye da ajiye wake ta nemi in zo in yi wa mambobinta bayani a kan wannan buhu, ta ce ai an gaya mata ina da komai a shirye a kwamfuta. Wannan zato ne yake rikita yawancinmu, domin fayil ɗin da aka yi wa wasu mutane a wani lokaci ba ya zama shiryayye ga wasu mutanen a wani lokacin, ko da batun ɗaya ne. Zan bayyana matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, domin jerin matakan shi ne abin da ya fi rage mini wahala.

Kafin in buɗe fayil ɗin sai da na je na sami shugabar, na yi mata tambayoyin da tsohon fayil ba zai iya amsa mini ba. Na tambaye ta yawan masu zuwa, da ko suna karanta boko, da lokacin da za a ba ni, da irin ɗakin da za a zauna. Ta ce mata ne wajen arba'in, tare da 'yan dillalai maza da suke saya musu kaya a kasuwa, kuma waɗanda suke karanta Hausar boko ba su kai rabi ba. Za a ba ni minti 30 a tsakiyar taronsu na wata, a wani aji na makarantar firamare, da majigin aro da ƙaramin janareta. Da na ce, "Hajiya, me kike so su tafi da shi gida?" sai ta ce, "Malam, abu uku suke tambayata kullum: nawa ne buhun, shin kuɗin yana fitowa, kuma me ya sa wata ta saya amma wakenta ya yi ƙwari." A nan take na rubuta jimla ɗaya a takarda: bayan minti 30, kowace mace ta iya lissafa ko buhun zai biya ta, kuma ta iya ɗaure shi daidai da hannunta. Wannan jimla ita ce ma'aunin da na auna kowane shafi da shi daga baya. Na kuma raba lokacin tun a lokacin, minti 10 na nuna ɗaurin buhu a aikace, minti 5 na tambayoyi, wanda ya bar wa shafukan minti 15 kacal. Wanda ya san yana da minti 15 ba zai yaudari kansa da shafi 46 ba.

Da na koma ofis, abin da na fara yi shi ne ajiye kwafi da sabon suna ta Save As, na sa sunan ƙungiyar da shekara, domin tsohon fayil ya zauna yadda yake. Sannan na buɗe Slide Sorter a ƙarƙashin View, inda ake ganin dukkan shafukan a jere kamar ƙananan hotuna. Ban taɓa rubutun ko shafi ɗaya ba a wannan mataki, kuma ina ba kowa shawarar ya daure haka, saboda da zarar mutum ya ɓata rabin awa yana gyara wani shafi, zuciyarsa ba za ta yarda ya zubar da shi ba ko da ba shi da amfani. Na buga shafukan a takarda, shida a kowane fefa, a wani shagon buga takardu, da baƙin tawada kawai domin ya fi araha, na yanka su da almakashi, na baza a kan tebur. Kowane ɗan yanki na ɗauka sai in karanta jimlar da na rubuta, in tambayi kaina ko wannan shafi yana taimaka wa mace ta yi lissafi ko ta ɗaure buhu. Ta haka na kasa su kashi uku: waɗanda za su zauna, waɗanda za su tafi, da waɗanda za a ɓoye saboda tambaya.

Shafuka shida na farko tarihi ne: yadda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aikin adana wake a arewacin Kamaru, da yadda aka ƙaddamar da shirin PICS a shekarar 2007 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Malaman gona sun so wannan bayani, domin su ne za a tambaya daga ina buhun ya fito, amma bai shafi lissafi ko ɗauri ba, don haka duka suka tafi, na bar jimla ɗaya da zan faɗa da baki. Shafuka biyar na rayuwar ƙwaron wake, da sunansa na Latin da hotunan ƙwai da tsutsa, suka koma hoto ɗaya na wake mai huji, tare da magana ɗaya da take da amfani ga mai ajiya, wato ƙwaron yakan shigo tun daga gona a cikin ƙwayar waken, shi ya sa wake mai kyan gani ranar zubawa yake iya lalacewa a ɗaka. Akwai kuma shafuka bakwai na zanen ƙididdiga da ke nuna yadda iskar oksijin take raguwa a cikin buhu da yadda ƙwari suke daina ci har su mutu. Waɗannan su ne na fi shan wahalar haɗawa a 2019, kuma raina ya ɗan sosu da na ga za su tafi, amma abin da mai ajiya take buƙata daga cikinsu bai wuce wannan ba: ƙwarin suna shanye iskar da ke ciki, idan wata ba ta shiga ba sai su mutu, saboda haka huji ko ɗaya ya ɓata aikin. Shafukan tsarin shirin, da jadawalin horar da jami'ai, da jerin littattafan da na duba, ban ma tsaya tunani a kansu ba.

Shafin da na fi daɗewa a kansa shi ne wanda yake bayanin dakatarwar da Tarayyar Turai ta yi wa shigar da busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015 saboda yawan ragowar maganin ƙwari a cikinsa. Ga jami'ai wannan babbar hujja ce, domin magana ce ta fitar da kaya ƙasashen waje. Matan ƙungiyar kuwa ba sa kai wake Turai, kasuwar ƙauye da ta birni suke kaiwa, kuma daga waken da suka ajiye suke dafa wa 'ya'yansu. Na yanke shawarar mayar da hujjar zuwa inda ta shafe su, na yi sabon shafi a kan haɗarin cin waken da aka zuba wa magani, shi kuma tsohon shafin na ɓoye shi, saboda na yi tsammanin ɗaya daga cikin dillalan zai iya tayar da zancen. Ɓoyewa ana yin ta ne da danna dama a kan shafin a zaɓi Hide Slide, sai shafin ya zauna a fayil amma ba ya fitowa lokacin gabatarwa. Sai dai na iyakance kaina ga shafuka biyar na ɓoye, domin idan mutum ya mayar da ɓoyewa hanyar gudun yanke hukunci, zai ƙare da fayil mai nauyi da shi kansa ba zai iya gano komai a ciki ba lokacin da ake jiransa. A ƙarshen wannan mataki shafi 13 suka rage a fili, biyar a ɓoye, sauran 28 na goge su daga kwafin.

Bayan yanka sai sauya jeri. Tsohon jerin irin na makaranta ne: tarihi, sannan ilimin ƙwaro, sannan bincike, sannan sakamako, yadda ake amfani da buhu yana shafi na 38, lissafin kuɗi kuma yana na 43. Jami'i yana iya haƙurin jiran shafi na 43 saboda an aiko shi taron ne, amma matar da ta baro sana'arta ba za ta ba ka hankalinta ba sai ta ji ka taɓo abin da ya kawo ta. Don haka na bi jerin tambayoyin Hajiya. Na fara da hoton wake mai huji da asarar da suka riga suka sani, nan take na shiga lissafin kuɗi, sannan dalilin da ya sa buhun yake aiki, sannan matakan ɗauri, sannan abubuwan da suke ɓata ajiya, na rufe da yadda za a duba buhu kafin a biya kuɗi. Na ja shafukan da linzamin kwamfuta a Slide Sorter, na raba su rukuni da Add Section domin in riƙa ɗaukar rukuni guda in matsar da shi gaba ɗaya. Na kuma sauya kanun kowane shafi daga kalma ɗaya kamar "Danshi" zuwa cikakkiyar jimla kamar "Wake mai danshi yana ruɓewa ko a buhu mai kyau". Gwajin da na yi shi ne karanta kanun kaɗai daga farko zuwa ƙarshe a Outline View, in ji ko sun ba da labari mai ma'ana ba tare da sauran rubutun ba. Inda na ji tsalle, a nan na san ko dai jerin bai daidaita ba ko kuma akwai shafin da ya ɓace.

Sauya jeri yana karya abubuwan da ba a gani da sauri, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Wani shafi yana cewa "kamar yadda muka gani a shafi na 12", alhali shafi na 12 ya tafi. Wani yana amfani da kalmar oksijin, amma shafin da ya bayyana ta yana cikin waɗanda aka goge, sai na mayar da ita "iskar da ƙwaro yake shaƙa". Shafin lissafi da na dawo da shi gaba yana ɗauka cewa mai sauraro ya riga ya san ana iya sake amfani da buhun a wata kakar idan ledar ba ta huje ba, alhali wannan bayani yanzu yana bayansa, don haka dole na ɗauko layin na sa shi a kan shafin lissafin. Hanyar da na gano waɗannan ita ce bin shafukan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina abin da kowane shafi yake zaton an riga an faɗa.

Sai da na gama yanka da jerawa sannan na fara sabunta bayanai, kuma amfanin wannan jinkiri a bayyane yake: shafi 18 zan bincika maimakon 46. Na ɗauki takarda na rubuta duk abin da yake iya tsufa, wato farashi, shekara, sunan mutum da muƙaminsa, lambar waya, tambarin hukuma da hoto. Farashi ne ya fi tsufa. A 2019 dala tana wajen naira 360, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, ta haura naira 1,500 a 2024, kuma kuɗin buhu da na wake da na mota duk sun sauya. Da na nuna tsofaffin alƙaluman, da matar farko da ta je kasuwa a makon ta gane ban san abin da ake ciki ba, kuma da ba za ta yarda da sauran bayanin ba ko da gaskiya ne. Na je kasuwa na tambayi farashin buhun a shagunan kayan gona da na kwanon wake, amma na lura ko a tsakanin shago da shago akwai bambanci, kuma kafin ranar taro zai iya sake motsawa. Saboda haka na sauya fasalin shafin gaba ɗaya. Maimakon in rubuta alƙaluma, na yi jadawali mai gurabe huɗu babu komai a ciki: kuɗin kwano da kaka, kuɗin kwano da bazara, yawan kwano a buhu, da kuɗin buhun PICS. Lissafin shi ne a ɗebe farashin kaka daga na bazara, a ninka da yawan kwano, a cire kuɗin buhu. Su za su faɗi alƙaluman, ni in rubuta a allo, kuma ba wanda zai yi gardama da farashin da ya fito daga bakinsa.

Akwai wasu tarkuna na fasaha a wannan mataki. Neman kalma da Ctrl+F yana gano rubutu, amma ba ya karanta abin da ke cikin hoto, kuma na tarar da tsohuwar shekara da tsohuwar lambar waya a cikin hoton wata takardar talla, wanda ido ne kawai ya kama shi. Ɗaya daga cikin zane-zanen da na ɓoye yana haɗe da wani fayil na Excel da ba ya kan kwamfutar yanzu, sai na shiga File, sannan Info, sannan Edit Links to Files, na zaɓi Break Link domin kada saƙon gargaɗi ya fito a gaban jama'a. A ƙarƙashin shafukan kuma, wurin Notes, akwai tsofaffin bayanan da na rubuta wa kaina game da jami'an wancan taro, waɗanda ba su dace su tafi tare da fayil ɗin ba idan na ba wani kwafi. Inspect Document, a ƙarƙashin Check for Issues, yana nuna irin waɗannan ɓoyayyun abubuwa, amma a sani cewa idan aka danna Remove All zai share dukkan bayanan ƙasan shafi har da sababbi, don haka a yi shi kafin a rubuta sababbin. Tambarin hukumar da ta ɗauki nauyin taron 2019 yana kan kowane shafi kuma ba ya danuwa, saboda yana zaune ne a Slide Master, can na shiga na cire shi sau ɗaya ya ɓace ko'ina. Sa tambarin ofishinmu a madadinsa ya buƙaci amincewar shugaban sashe, wanda ya ce in kawo shafukan a buge ya gani, kuma jiran sa hannunsa ya ci lokaci fiye da yadda na zata, saboda haka mai irin wannan aiki ya kai takardarsa da wuri. Hotunan da fuskokin mahalarta tsohon taro suka fito na cire su, domin ba su ba da izinin a nuna su a wani wuri ba, na ɗauki sababbi da waya waɗanda hannuwa da buhu kawai suke nunawa.

Daga nan sai harshe da girman allo. Tsohon fayil yana kan faɗin 16:9, majigin aron kuwa tsohon samfuri ne na 4:3. Na shiga Design, sannan Slide Size, na sauya, sai ya tambaye ni tsakanin Maximize da Ensure Fit. Na farko yana iya yanke gefen hotuna, na biyu yana ƙanƙanta komai domin ya shiga, shi na zaɓa. Tun da yana rage girman rubutu, ya kamata a yi wannan sauyi kafin a daidaita haruffa, in ba haka ba za a yi aiki biyu. Ban fassara shafukan layi bayan layi ba, na sake rubuta su ne da Hausa, jimla ɗaya da babban hoto a kowane shafi, girman rubutu bai gaza 32 ba, tun da fiye da rabin masu sauraro hoton za su karanta. Samfurin haruffan tsohon fayil ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai waɗannan haruffa suka riƙa fitowa da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, na yi amfani da Replace Fonts na mayar da komai Arial, wanda ya nuna su daidai. Na ajiye kwafin PDF a filashi da waya, kuma a nan ma akwai abin lura, domin shafukan ɓoye ba sa shiga PDF sai an zaɓi Include hidden slides a cikin Options. Shafuka huɗu na matakan ɗauri na buga su a babbar takarda ta A3 mai launi, wanda shi ne kuɗi mafi yawa da na kashe a duk aikin, saboda janareta ba abin dogaro ba ne.

Na yi gwaji a gaban wata abokiyar aiki da ba ta taɓa ganin fayil ɗin ba, da Rehearse Timings, mai ƙirga lokacin da kowane shafi ya ci, a kunne. Shafukan sun ci minti 19 maimakon 15, sai na duba inda lokacin ya tafi, na haɗe shafuka biyu na abubuwan da ke ɓata ajiya zuwa ɗaya, na cire shafin godiya, suka zama 11. Ita ce kuma ta nuna mini cewa hoton ɗauri yana sa mutum ya zaci ana ɗaure ledojin biyu tare, alhali ana matse iska a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje, don haka na sake ɗaukar hoton a matakai uku. Idan aka gama irin wannan gwaji kwamfuta tana tambaya ko a adana lokutan, kuma duk wanda ya amsa da e, ya tabbata ya cire alamar Use Timings, in ba haka ba shafukan za su riƙa wucewa da kansu yana tsakiyar magana.

Ranar taron, da na kai wurin ɗauri na danna harafin B allon ya yi baƙi, idanu suka dawo kan buhun da ke hannuna, na sa mata biyu suka hura ledar da iska suka matse domin neman huji, sannan suka ɗaure da kansu. Lissafin da suka cika da bakinsu ya ɗauki lokaci fiye da yadda na tsara, saboda sun yi ta gyara wa juna farashin bazara, amma ban katse su ba, domin wannan shi ne rabin abin da na zo yi. Ɗaya daga cikin dillalan ya tambayi ko buhun yana yi wa masara, sai na duba 'yar takardar da na rubuta lambobin shafukan ɓoye, na buga 14 na danna Enter, shafin masara ya fito da gargaɗin cewa sai ta bushe sosai kafin a zuba. Zancen Tarayyar Turai bai taso ba. Tambayar da ta fi yawa kuma ba ni da shafinta ita ce ta ɓera, wato yadda za a hana shi huda buhu, na amsa da baki cewa a ɗora buhun a kan katako nesa da bango a ɗaki mai tsabta. Da na koma ofis na ƙara wannan shafi, sannan a wurin Notes na kowane shafin da ke ɗauke da alƙalami ko suna na rubuta inda na samo shi da watan da na duba shi, na ajiye fayil ɗin kusa da na 2019 a babban fayil guda.